Kwastoma ya dawo da kaya bayan an shigar da inbois: yaya zan rubuta?

Sabuwar Akanta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimako a kan wani lissafi da ya tsaya mini. Kamfanin da nake wa aiki yana sayar da fitilu a sari. A watan jiya mun sayar wa wani kwastoma fitila 50 bashi. Farashin kowace 1,000 ne, amma an yi masa rangwamen kashi 10, ta koma 900. Kuɗin kaya ya kama 45,000, harajin VAT 4,500, jimilla 49,500. Na sauƙaƙa alƙaluman ne, harajin ma na sa shi kashi 10 don kada lissafin ya yi mana wuya. An riga an yi fostin ɗin inbois ɗin, wato an shigar da shi littafin lissafi, an kuma rufe watan.

Yau sai ga shi ya dawo da guda 10. Bakwai lafiyarsu ƙalau, ko kwali ba a buɗe ba, ya ce ba sa tafiya a wajensa ne. Uku kuma ba sa kamawa. Oga ya amince a karɓi duka goman. Bai biya ko sisi ba tukuna. Tambayata: in buɗe inbois ɗin in mayar da 50 ta zama 40, ko akwai wata hanya? Kuma me zan yi da ɓangaren sito?

Ɗan Manhaja:
Wa alaikumussalam. Ai abu ne mai sauƙi ƙanwata. Ki soke inbois ɗin gaba ɗaya, ki fitar da sabo na guda 40, shike nan. Manhaja za ta mayar da 50 sito, ta sake cire 40. Minti biyu kin gama.

Tsohon Akanta:
Wa alaikumussalam warahmatullah. Ɗan Manhaja, shawararka da ta yi daidai in da jiya aka buga inbois ɗin, aka ga kuskure kafin kaya su fita. A nan kuwa ciniki ya faru da gaske. Fitila 50 sun bar sito, kwastoma yana riƙe da kwafin inbois mai 49,500, an rufe wata, wataƙila ma an riga an kai rahoton haraji da wannan 4,500 a ciki. In aka soke shi yanzu, cinikin watan jiya zai sauya bayan oga ya riga ya ga rahoto, takardar da ke hannun kwastoma ba za ta dace da littafinku ba, kuma duk mai binciken da ya zo zai tambayi inda lambar wancan inbois ta shiga.

'Yata, ki bar inbois ɗin yadda yake. Dawowar kaya wani al'amari ne sabo da ya faru yau, don haka da takardarsa daban, wato kiredit not. A manhaja za ki gan ta da sunan Credit Note ko Credit Memo. Ki sa mata kwanan watan yau, ki rubuta lambar tsohon inbois a jikinta.

Kafin ki taɓa komai, ki tuna ranar da aka sayar shigarwa biyu aka yi. Ta farko ta ce kwastoma ya ci bashin 49,500, kun yi cinikin 45,000, hukuma tana binku 4,500. Ta biyu, wadda mutane ba sa gani saboda manhaja ce ke yin ta a ɓoye, ta cire fitila 50 daga dukiyar sito ta kai kuɗin sayensu cikin kuɗin kayan da aka sayar. Dawowar kaya dole ta warware wani yanki na kowacensu. Ki faɗa mana nawa kowace fitila ta tsaya muku a ranar da aka sayar.

Sabuwar Akanta:
Na gode Baba. Na duba katin kayan. A ranar 600 ce kowace, kenan 30,000 aka cire daga sito. Amma bayan nan mun sayo wasu a kan 750, yanzu manhaja tana nuna mini 705.

Tsohon Akanta:
Madalla, wannan 705 ɗin za mu dawo kanta, domin a nan rigimar take. Mu fara da ɓangaren kwastoma. Fitila 10 a kan 900, ba a kan 1,000 ba. Abin da aka caje shi shi za a sauke masa. Ki lura da wannan sosai, domin idan kika buɗe kiredit not sabuwa fil kika zaɓi kayan, manhaja za ta iya ɗauko farashin da ke jerin farashi na yau, sai ki sauke masa 10,000 alhali 9,000 aka ɗora masa. Hanyar da ta fi tsaro ita ce ki buɗe tsohon inbois ki fitar da kiredit not daga cikinsa, sai ta gaji farashi da rangwame da haraji yadda suke.

```
Dr  Sales Returns          9,000
Dr  VAT Payable              900
    Cr  Accounts Receivable      9,900
```

Bashinsa ya sauka daga 49,500 zuwa 39,600. Kada ki tsaya a nan: ki haɗa kiredit not ɗin da inbois ɗin a asusunsa. In ba ki haɗa ba, jimillar bashin za ta fito daidai, amma jerin basussuka zai ci gaba da nuna inbois na 49,500 ba a biya ba, da wata 9,900 tana yawo ita kaɗai a ƙasa. Wata rana mai karɓar bashi zai kira shi ya nemi 49,500, a yi ta cacar baki a banza.

Sai ɓangaren sito, fitila 10 a kan 600:

```
Dr  Inventory              6,000
    Cr  Cost of Goods Sold       6,000
```

Ga yadda za ki gane kin yi daidai. Ki ɗauka tun farko guda 40 ya saya. Ciniki 36,000, kuɗin sayen kaya 24,000, riba 12,000, wato 300 a kan kowace fitila sau 40. In kika haɗa inbois da kiredit not suka ba ki wannan 12,000, to kin dace. In kika ga 6,000, kin sauke ciniki kin manta da sito.

Mai Shago Biyu:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ni dai a nawa ɗan sanin, me zai hana a ɗauka kamar mun sayi kayan daga hannunsa ne? Ya kawo kaya, mun karɓa, mun rage masa bashi. A rubuta shi a matsayin sayen kaya na 9,000, sito ya ƙaru, bashi ya ragu. Ni haka nake yi, kuma lissafina yana daidaita.

Tsohon Akanta:
Alhaji, debit da kiredit za su daidaita, amma ribar ba ta gaskiya ba ce. Duba: ciniki yana nan a 45,000, kuɗin kayan da aka sayar yana nan a 30,000, littafi yana cewa ka ci ribar 15,000, alhali ribar guda 40 kawai ka ci, 12,000. Ina sauran 3,000 ɗin ta shiga? Tana cikin sito, domin ka shigar da fitilar 600 a kan 900. Ka rubuta wa kanka riba a kan kayan da ke ajiye a gabanka ba a sayar ba. Ranar da ka sake sayar da su a 900 kuma littafi zai ce ba ka ci komai ba. Ga harajin nan 900 da ka bari a kanka, alhali an fasa cinikin da ya jawo shi.

Mai Shago Biyu:
To, ban taɓa kallonsa ta wannan fuskar ba. Amma a ƙarshe ai ribar ɗaya ce in an sayar da su.

Tsohon Akanta:
In an sayar da su, kuma in a shekara ɗaya ne. Idan shekara ta ƙare suna sito, an biya haraji ko an raba riba a kan kuɗin da babu shi.

Uwar Gida Mai Sari:
Salamu alaikum. Ni ma irin wannan ta same ni. Kamfanin da nake saro kaya a wajensu sun aiko mini da katan 12 da suka lalace, na mayar musu, har yau ba su rage mini kuɗin ba. Kullum sai su ce sai an sa hannu daga sama. Wace takarda zan nema a wajensu?

Ɗan Manhaja:
Hajiya, naki akasin wannan ne, ke ce kwastomar. Kiredit not ɗin su za su ba ki. Ki riƙe takardar da suka sa hannu sun karɓi katan 12 ɗin, ki aika musu da debit not mai ɗauke da lambar inbois ɗinsu, ki rage kayan daga sitonki da bashin da suke binki. Amma gara ki buɗe tambayarki daban don kada a cakuɗa.

Baba, na yarda da batun soke inbois, tunda an rufe wata. Sai dai a kan 600 ɗin nan ina da magana. Idan kamfani yana amfani da matsakaicin farashi, ai duk fitilun da ke sito farashinsu ɗaya ne, 705. Babu fitilar 600, babu ta 750, an gauraya su. Me ya sa waɗanda suka dawo za su shigo da wani farashi daban? Akwai manhajojin da in ka yi kiredit not ba tare da ka jingina ta da inbois ba, a kan matsakaicin ranar suke shigar da kayan, kuma ban ga littafi ya karye ba.

Tsohon Akanta:
Tambaya ce mai kyau, bari mu bi ta da alƙalami. 'Yata, in na fahimci katinku daidai, kuna da 80 a kan 600, kuka sayar da 50, saura 30, wato 18,000. Kuka sayo 70 a kan 750, wato 52,500. Jimilla fitila 100 a kan 70,500, shi ya ba da 705. Haka ne?

Sabuwar Akanta:
Haka yake Baba, daidai.

Tsohon Akanta:
To. Lokacin da goman nan suka fita, 6,000 aka ɗora wa kuɗin kayan da aka sayar saboda su. Idan suka dawo a kan 705, za a sauke 7,050. An sauke abin da ya fi wanda aka ɗora da 1,050. Kuɗin sayen guda 40 ɗin da suka rage a hannun kwastoma zai koma 22,950, ribar cinikin ta zama 13,050. Wato kwastoma ya dawo da kaya, ribarku a kan ragowar ta ƙaru. Wannan ba ya shiga hankali. Fitilun nan ba su san an yi sabon sari ba, a ɗakin ajiyar kwastoma suke lokacin da farashi ya tashi.

Idan suka dawo a kan 600, sito zai zama fitila 110 a kan 76,500, sabon matsakaici ya sauko zuwa wajen 695. Gaurayawar da kake magana a kai tana faruwa ne bayan sun shigo, kamar yadda take faruwa ga kowane kaya da ya shigo da nasa farashin.

Ɗan Manhaja:
Amma Baba ka duba jimilla. Duk kuɗin da aka kashe a kan fitilu 100,500 ne: 48,000 na farko da 52,500 na biyu. A hanyarka, 24,000 an sayar, 76,500 a sito. A tawa, 22,950 an sayar, 77,550 a sito. Kowace ka haɗa 100,500 take bayarwa. Ba a ƙirƙiri kuɗi ba, ba a ɓatar ba. Wannan 1,050 za ta fito da kanta yayin da ake sayar da kayan.

Tsohon Akanta:
Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Bambancin na lokaci ne, da kuma wane ciniki aka jingina wa ribar. A kan fitila 10 ba wanda zai ɗaga murya. Amma ka ɗauki kamfanin da farashin sarinsa ke hawa kowane wata, kuma kaya suna yawan dawowa. Kowace dawowa tana ƙara ɗan kumburi a sito da ɗan ƙari a riba, kuma duk gefe ɗaya suke karkata. Sannan in ana biyan masu talla kamasho a kan ribar kowane inbois, to 1,050 ɗin nan ta zama kuɗin da zai fita daga aljihu. Ni dai inda manhaja ta ba da dama, a jingina dawowar da ainihin fitar kayan. Haka ma ga masu FIFO, wato tsarin da kayan da suka fara shiga su ke fara fita, kayan su dawo da farashin rukunin da suka fita daga ciki.

Ɗan Manhaja:
Inda ta ba da dama, na yarda. Amma akwai mai dawo da kaya bayan wata takwas, ya saya sau shida a farashi shida, ba lambar siriyal, ba wanda ya san daga wane inbois suka fito. A nan dole ka zaɓi wani abu, kuma matsakaicin yau bai fi sauran zama ƙarya ba.

Tsohon Akanta:
A irin wannan ni inbois na ƙarshe nake ɗauka, domin abin da ya rage a hannun mutum galibi shi ne wanda ya saya daga baya. Amma zaɓi ne, ba doka ba. A rubuta shi a matsayin tsarin kamfani, a riƙa bin sa kullum, kada a riƙa zaɓen wanda ya fi daɗi a kowane karo.

Mai Kula Da Sito:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba akanta ba ne, sito nake riƙewa. Abin da nake so in tambayi ƙanwarmu: lokacin da kayan suka iso yau, mai sitonku ya shigar da su a manhaja ko a takarda kawai ya rubuta? Domin mu a wajenmu da kaya sun shigo ƙofa muke shigarwa, ba ma jiran ofis. In ya riga ya shigar, ke kuma kika yi kiredit not mai mayar da kaya, fitila 20 za su shiga littafi, 10 ne a ƙasa.

Sabuwar Akanta:
Yaya, Allah ya saka da alheri. Na je na duba yanzu. Ya riga ya shigar da su da safe ta Stock Adjustment, guda 10, kuma a kan 705 suka shiga. Manhaja tana nuna 110. Ban yi fostin ɗin kiredit not ba tukuna, tana nan a matsayin daraf.

Mai Kula Da Sito:
Kin gani. Da kin danna, da 120 za ki gani, sai ranar ƙirga a ce fitila 10 sun ɓata, a zo ana kallon mai sito.

Tsohon Akanta:
Malam ya taɓo inda aka fi faɗawa. Kuma akwai matsala ta biyu a cikin abin da mai siton ya yi. Gyaran adadi irin wannan yawanci ba ya komawa Cost of Goods Sold, wato kuɗin kayan da aka sayar, wani asusu yake tafiya na rarar kaya ko gibinsu, wanda aka tanada don abin da ƙirga ta gano. Kenan yanzu littafinku yana cewa an tsinci fitila 10 na 7,050 daga sama, kuɗin kayan da aka sayar kuma yana nan a 30,000.

Hanya biyu ce. Ko ki warware gyaran nasa, adadi ya koma 100 a kan 70,500, sannan ki bar kiredit not ta shigo da kayan a kan 600. Ko ki bar nasa, ki yi kiredit not ta kuɗi zalla marar taɓa sito, sannan ki gyara asusun da farashin da hannu. Ta farko ta fi tsabta nesa ba kusa ba, domin duk wanda ya buɗe katin kayan zai ga fita 50 da dawowa 10 a jingine da takardunsu. Ki warware tun kafin a sayar da wata fitila, don kada a taɓa matsakaicin a tsakani. Daga yau kuma ku yi yarjejeniya: mai sito ya ƙirga, ya duba lafiyar kaya, ya cike takardar karɓar kayan da aka dawo da su, ya sa hannu, direban kwastoma ya sa hannu. Shigarwa a manhaja kuwa ta ƙofa ɗaya kawai.

Mai Kula Da Sito:
Baba a nan ina da ƙorafi. In muka jira ofis, wani lokaci kwana da kwanaki kaya suna ƙasa ba sa cikin manhaja, masu talla suna cewa babu, alhali akwai. Gara a ba mai sito damar shigar da dawowar da kansa a jingine da inbois, ofis su bi da ɓangaren kuɗi.

Tsohon Akanta:
In manhajarku ta raba takardar dawowar kaya da kiredit not, hakan ya fi ma. Sharaɗin dai kada mutum ɗaya ya zama shi ke karɓar kaya, shi ke sauke bashi. Kiredit not ta bogi tsohuwar hanya ce ta cin kuɗi: a karɓi kuɗin kwastoma a sa aljihu, a rubuta cewa ya dawo da kaya. Abin da ke tona ta shi ne a nemi takardar sito a rasa.

Sabuwar Akanta:
Na warware nasa, na koma 100. Saura ukun da ba sa kamawa. Su ma a kan 600 zan mayar da su? Ai ba su kai haka ba yanzu.

Tsohon Akanta:
Ba su kai ba, amma kada ki cusa wannan a cikin kiredit not. Kwastoma an sauke masa 900 a kan kowace, lafiyayya da marar lafiya, tunda oga ya amince. Su ma su dawo a kan 600, amma a wani wurin ajiya daban a manhaja, na kayan da suka lalace, don kada mai talla ya ga 110 ya sayar da 110. Masu kyau 107 ne. In manhajarku tana lissafa matsakaici wuri-wuri, za ki ga 74,700 a kan 107, wajen 698 kowace.

Sannan a yi tambaya ta daban: nawa za a iya samu a kansu? Ƙa'idar lissafin kuɗi ta ƙasa da ƙasa, IAS 2, ita ce a rubuta kaya a kan wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin kuɗin sayensu da abin da za a samu in an sayar, bayan an cire kuɗin gyara da na sayarwa. Ki tambayi mai gyara da masu talla.

Sabuwar Akanta:
Mai gyara ya ce 150 kowace. Masu talla sun ce gyararriya ba za ta wuce 500 ba.

Tsohon Akanta:
Kenan abin da za a samu 350 ne a kan kowace, an saye ta 600. A sauke 250 sau uku:

```
Dr  Inventory Write-down     750
    Cr  Inventory                750
```

Ukun suna sito a kan 1,050. In gyaran ya gagara aka zubar da su, sai a sauke ragowar. In kuma wanda kuka saro a wajensa ya yarda laifin ƙira ne zai karɓa, to kada ki sauke komai, ki mayar masa a kan 600, nan ne tambayar Hajiya ta ɗazu za ta shigo.

Mai Binciken Littafi:
Na daɗe ina karantawa. Ranka ya daɗe, a kan lalatattun nan ni ina ganin zagaye ne. In an san kaya sun mutu murus, me ya sa za a shigar da su sito a kan 600 sannan a fitar? A bar kuɗinsu a cikin Cost of Goods Sold kawai, a mayar da bakwai, 4,200. Riba ɗaya za ta fito.

Tsohon Akanta:
In sun mutu murus, riba ɗaya ce, gaskiyarki. Abin da ake rasawa shi ne labari. Oga zai ga ribar cinikin ta ragu bai san dalili ba, alhali in asarar tana da nata layin, a ƙarshen shekara zai ga nawa lalacewar kaya ta ci, ya san ko zai sauya inda yake sari. Kuma kayan da ba sa cikin littafi amma suna cikin sito, su ne ke fara yin ƙafa.

Mai Binciken Littafi:
Ga ƙaramin kamfani ni ba zan matsa ba, in dai akwai takardar zubarwa da sa hannun mutum biyu. Mu bar shi a haka. Abin da na fi so in ƙara shi ne batun kwanan wata. Sanya kiredit not a watan da ake ciki daidai ne tsakanin wata da wata. Amma in da watan jiya shi ne ƙarshen shekarar kuɗi, kuma ba a sa hannu a kan rahoton shekara ba, sai an sake dubawa. Fitilun da suka fita da lahani tun kafin a rufe shekara, dawowarsu shaida ce a kan halin da ake ciki a ranar rufewa, kuma ƙa'idar IAS 10 ta ce irin wannan a gyara alƙaluman shekarar da shi in yana da girma. Sannan ƙa'idar IFRS 15, wadda ta fara aiki a 2018, ta ce in kwastoma yana da haƙƙin dawo da kaya, tun ranar sayarwa ake ƙiyasta abin da zai dawo. Ba a lissafa wannan yankin a ciniki, ana ajiye shi a matsayin kuɗin da za a mayar, kuɗin sayen kayan kuma a matsayin haƙƙin karɓo su. Shi ya sa mu masu bincike muke fara buɗe kiredit not na makonnin farko na sabuwar shekara. In muka ga an yi babban ciniki ana gobe rufewa, ya dawo bayan sati, mun san abin da ake ciki.

Uwar Gida Mai Sari:
Ni fa duk wannan na sito ban gane ba. Ba ni da manhaja, littafi nake rubutawa, sai ƙarshen wata mu ƙirga kaya. Ni ma sai na yi shigarwa biyun?

Mai Binciken Littafi:
A'a Hajiya. Ke ba kya cire kuɗin saye a kan kowane ciniki, sai an ƙirga kike gane abin da ya fita. Don haka ta farko kawai za ki yi, ki rage ciniki da bashin kwastoma. Kayan kuma ki tabbatar sun shiga ƙirgar ƙarshen wata a kan kuɗin sayensu, lalatattu a ware su a kan abin da za su iya kawowa. Ƙirgar ce za ta gyara ɓangaren sito da kanta.

Sabuwar Akanta:
Na yi fostin. Bashinsa 39,600, an haɗa da inbois. Sito 107 masu kyau, 3 a gefe a kan 1,050. Ribar cinikin 12,000, in an cire 750 ta koma 11,250. Sai dai yanzu oga ya leƙo ya ce a cire wa kwastoman 500 na ɗawainiyar karɓar bakwai ɗin da ba su da laifi, kuma kwastoman ya yarda. In rage kiredit not ɗin ta koma 9,400?

Tsohon Akanta:
Kin riga kin yi fostin, kada ki taɓa ta, dalilin da ya hana mu taɓa inbois shi ne ya hana a nan. Ki fitar da ƙaramin inbois na 500 a matsayin kuɗin hidima, ba kaya a ciki, ya tafi asusun kuɗin shiga na daban. Sales Returns ya tsaya a 9,000 ɗinsa don ya dace da fitila 10. Ko za a ɗora VAT a kan 500 ɗin, wannan ya danganta da dokar harajin ƙasarku, ki tambayi mai kula muku da haraji kafin ki buga.

Mai Shago Biyu:
Ni da a wajena ne, ba zan caji mutumin da nake bi 39,600 wata 500 ba. Sai ya biya tukuna.

Ɗan Manhaja:
Wannan kuma tsakaninsa da oga. Ƙanwata, in za ki buga inbois ɗin 500, ki zaɓi abu mai nau'in Service, kada ki sa shi a layin fitila, in ba haka ba manhaja za ta cire guda ɗaya daga 107 ɗin.